Wa Ke Shuka Gumi?

Littafin ya faɗo kan teburin Bube da ƙara, har kwalbar tawada ta yi tsalle.

"Shafi ɗari biyu da goma sha biyu," in ji Ɗanmaliki, jami'in gona mai kula da ƙasar Tambuwal da Kebbe. "Ka mai da shi shafi biyu. Da harshen mutanenka na Jawa. Juma'a da safe nika son shi."

Bube ya kalli bangon littafin. Rahoton wani Bature ne, masanin shinkafa, wanda ya shekara biyar yana gwajin wani iri mai bin ruwa a fadamar Fakku. Ya koma ƙasarsu bara, shekara uku bayan samun mulkin kai.

"Ranka shi daɗe, yau Litinin."

"Na san yau Litinin. Asabar baƙi ka zuwa, mutum ukku daga gwamnatin Indunusiya. Suna biɗan irin da ruwa bai kashewa, don talakawan da za su zaunar cikin wata fadama tasu. Babbansu bai jin Turanci sosai, kuma awa guda garai shika da ita. Abin da ka rubuta shi za shi karanta, a kanshi za shi yanke magana." Ya buɗe shafin farko, ya danna yatsa. "Kak ka wahal da kanka. Ga taƙaitawa nan ni na yi da Turanci. Juya ta kawai."

Ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Takardar tabbatar da kai aiki tana cikin aljihun teburina. Shekara bakwai ke nan kana wucin gadi, ko? In baƙi sun tafi da farin ciki, Asabar ɗin nan in sa hannu."

Sau uku ke nan ana nuna wa Bube wannan takarda kamar yadda ake nuna wa akuya dusa.

Duk Tambuwal Bube Jawa ake ce masa. Iyayensa mutanen Jabo ne da suka tafi Makka a ƙasa, aka haife shi a hanya. Yana da shekara takwas uwarsa ta rasu, wata tsohuwa 'yar Jawa ta ƙasar Indunusiya da ke maƙwabtaka da su, Mak Siti, ta ɗauke shi. A bakinta ya koyi harshen. Da ya girma ya yi wa wani mai saukar da alhazan Indunusiya aikin rubutu, yana karanta wasiƙun hukumarsu da jaridun da suke naɗo kaya da su. Turanci kuma a ofishin jiragen ruwa na Jidda ya same shi. Duk wannan ilimi, da ya dawo gida, bai saya masa komai ba sai kujerar akawun wucin gadi.

Bai juya taƙaitawar Ɗanmaliki ba. Ya fara daga shafi na ɗaya, da fensir a hannu. Abin da baƙo zai buƙata kafin ya yanke shawara, sai ya yi masa gicciye a gefe. Abin da ke kafa hujja, ya sa masa ɗigo, ya rubuta lambar shafin. Tarihin fadama, sunayen tsutsotsi da Latin, godiya ga Razdan, duk ya tsallake su. Kafin la'asar ta Talata ya kai ƙarshe, ransa kuwa ya ɓaci.

Taƙaitawar ta ce irin yana ba da laba dubu ɗaya da ɗari takwas a kowace eka. Gaskiya ne, amma a shekara uku cikin biyar. Babi na tara, shafi na 141, ya ce a sauran shekaru biyun gulbi ya cika da sauri, ruwa na hawa fiye da inci uku a rana, shinkafar ta kasa tsere masa, ta nutse. Taƙaitawar ba ta ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Baturen ya ba da shawara a gwada irin a ƙaramin fili tukuna. Ɗanmaliki ya rubuta a sayi buhu hamsin.

Sai kuma kalmar da ta tsaya masa a wuya. Turancin ya ce "rais". Shi ke nan. Amma harshen Mak Siti ba ya barin mutum ya ce shinkafa ya wuce. Wadda ke tsaye a gona sunanta padi. Wadda aka sussuke tana cikin ƙaiƙayinta, wato shanshera, sunanta gabah. Wadda aka cashe ta zama gumi, sai tukunya, sunanta beras. Dole ya zaɓi ɗaya. Tsakanin shanshera da gumi kuwa akwai kashi ɗaya cikin uku na nauyi, wanda ke tafiya a ƙaiƙayi da dusa.

Ya koma jerin abubuwan da ke ciki. "Rataye na uku: yadda aka yi awo, shafi 205." Ya juya baya. Littafin ya ƙare a shafi na 204. Ragowar zare ne kawai a jikin ɗinki, inda aka yage shafi takwas.

Ya rufe littafin a hankali, don in bai yi a hankali ba zai jefa shi ta taga.

Laraba da sassafe ya hau motar 'yan kasuwa zuwa Kebbe, daga can ya ari keke ya nufi Fakku. Ya tarar da Sama'ilu a masussuka, shi da tulin shinkafar da aka yanko, yana bugu da sanda kamar yana dukan wani da ya sani. Sama'ilu ne ya riƙe wa Baturen sikeli shekara biyar. Da aikin ya ƙare aka sallame shi da takardar yabo.

"A'a, Bafillacen da bai san nagge ba!" Sama'ilu ya ce. "Mi ya fiddo akawu cikin rana? Tawada ta ƙare?"

"Tambaya guda ta kawo ni, baba Sama'ilu. Awon da kuka yi da Bature, shanshera kuka auna ko gumi?"

Sama'ilu ya tsaya da sandar a sama.

"Kai, ɗan Makka, ka taɓa ganin an kai turmi fadama? Nan wurin da kake tsaye muka aza sikeli. A sussuke, a sheƙe, a shanya kwana ukku, a auna. Shanshera. Wane mahaukaci ya ce gumi?"

"Ba a ce ba tukuna. Shirin cewa akai."

Ya gaya masa komai: baƙin, buhu hamsin, babi na tara, takardun da aka yage. Yana magana fuskar tsohon na canzawa.

"Takardun baya?" Sama'ilu ya jefar da sandar. "Nan sunana yake! Bature da kanshi ya nuna min, ya aza yatsa, ya ce ga ka nan, Sama'ilu Fakku, mai awo. Shekara biyat ina shiga ruwa har wuya da gora mai zane, ina duba inda ya kai, matsattsaku na shan jinina. Shi wanga Ɗanmaliki sau nawa ya zo? Sau biyu! Na biyun ma bai fito mota ba, wai takalminshi."

"Shekarun da ta nutse fa?"

"Ina mantawa? Shekarar farko da idona na ga ganyen ƙarshe ya shige ruwa. Ni gwaji nikai, gwamnati ka ciyar da ni. Amma Tambaya, maƙwabcina, ya ga ta yi kyau bara waccan, ya zuba ta gonarshi duka. Damana ta gaba sai da ya sai da jakinshi. Yanzu mutanen wata ƙasa za a yi wa haka, buhu hamsin?"

Ya shiga gida, ya fito da wani littafi mai baƙin bango da ruwa ya taɓa, ya tura cikin aljihun taguwa.

"Mu tafi."

"Ina?"

"Tambuwal. In ga wanda ya yage ni."

Alhamis da azahar suka iso. Bube ya sauke tsohon a zaurensa, ya wuce ofis, ya zauna gaban tafireta. Ya sa takarda biyu da kabon a tsakani.

Ya san yadda manya ke karatu. Layi biyar na farko suke gani, sauran sai in an ja hankalinsu. Saboda haka ya fara da ƙarshen magana: irin yana jure ruwa mai zurfi in ruwan na hawa a hankali kuma shukar ta yi mako shida kafin ya iso, in ya hau da sauri, asara ce, shawarar rahoton ita ce a sayi gabah buhu biyar don iri, a gwada shekara biyu. Sannan ya kawo hujjoji, kowace da lambar shafinta, don wanda ya yi shakka ya duba.

Lissafin ya ci masa lokaci. Su ba su san eka da laba ba, hekta suke aunawa da kwintal, wato kilo ɗari. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, saura kaɗan. Ya buga, ya sake bugawa: laba dubu ɗaya da ɗari takwas a eka ta zama kwintal ashirin na gabah a hekta, in an cashe a sami wajen goma sha uku na beras. Ya kula da waƙafi ma, don a wurinsu waƙafi tsakanin lambobi gutsure yake nufi, ɗigo ne ke raba dubbai. Wanda ya kwafe lambar Bature yadda take, sai dubu da ɗari takwas ta koma ɗaya da 'yan kai.

Sau huɗu yana zare takarda yana sakewa, don shafi biyu ba sa ɗaukar surutu. Ya yar da bayanin taki. Ya yar da kwatancen iri shida da ba su yi nasara ba, ya bar musu jimla ɗaya. Babi na tara kuwa ya ba shi sakin layi guda cikakke. A ƙasa ya rubuta inda ya samo bayanin awo, tunda ratayen ya ɓata: daga bakin mai awon, Sama'ilu Fakku, da littafinsa. Ya sa hannu. Ya ninke kwafin kabon ya sa a aljihu.

Juma'a da safe Ɗanmaliki ya karɓi takardun yana murmushi. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yana karanta lamba, kuma ofishin jakadancin baƙin ya aiko masa da wata 'yar takarda mai kalmomin gaisuwa da na abinci. Ya zaro ta, ya bi da yatsa.

"Nan an ce shinkafa beras. Kai kuma ina ganin gabah, gabah, gabah. Mi ne ne gabah?"

Bube ya bayyana masa.

"To wannan sha ukkun fa?"

"Abin da za shi shiga tukunya ke nan, ranka shi daɗe."

"Sha ukku." Murmushin ya tafi. "Mutane sun keto duniya, ka tarbe su da sha ukku? Rahoto ya ce rais. Rais shi ne beras, ga shi a rubuce. Ka sa ashirin na beras."

"Shanshera aka auna."

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya auna. Da ratayen da ke shafi na 205, in da an bar shi."

Ɗanmaliki ya sauke idonsa kan takardar, ya ga 141, ya ga 5 a inda ya sa ran ganin 50. Wuyansa ya kumbura.

"Kai wa ya sa ka? Taƙaitawa aka ce ka yi ko shari'a? In sun sayi hamsin, sunan lardin ga za shi kai Kaduna. Ni za a tura in raka irin har ƙasarsu. Kai kuma ka samu takardarka. Wa ya yi asara?"

"Wanda za shi shuka."

"Ka san shi? Ɗan uwanka ne?"

"Matar da ta goye ni ɗiyar irin waɗannan mutane ce," Bube ya ce. "Lokacin yaƙi, da jirage suka daina zuwa Jidda, da cokali take raba muna shinkafa, ta ba ni biyu ta ci ɗaya. Ba ni rubuta ma jikokinta ƙarya da harshen da ta koya min. Taƙaitawa rage magana ce, ranka shi daɗe. In na rage har gaskiyar ta fita, sunana ne a ƙasa, ba naka ba."

Ɗanmaliki ya ja aljihun tebur, ya fito da takardar tabbatarwa. Ya ɗaga ta yadda Bube zai ga hatimin.

"Karo na ƙarshe. Beras, ashirin, hamsin. Ka cire 141."

Bube ya kalli takardar. Shekara bakwai. Fansho, gidan gwamnati, ƙarshen zaman da kowane sabon jami'i zai iya korarsa da baki.

"Ba ni yi."

"To ka aje mabuɗin ofis. Wucin gadi kake, gadin ya ƙare."

Bube ya ajiye mabuɗin. Yana fita ya ji an ja kujerarsa, an zura sabuwar takarda a tafireta, an fara bugawa da yatsa ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

A gida matarsa Atu tana tankaɗe ya gaya mata. Ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da ke cikin rariya.

"Kalma guda," ta ce. "Shekara bakwai kana dawowa da tawada a riga ina wankewa, ka zubar saboda kalma guda. Su mutanen Jawa sun san kana yi? In sun koma ƙasarsu, su za su auno muna gero?"

"Atu…"

"Ban ce ka yi ƙarya ba, malam. Cewa na yi ina jin haushi. Ka bar ni in ji haushina."

Daga zaure Sama'ilu ya ɗaga murya: "Ɗiyata, ƙara mishi! Ni ma haushin nika ji, ban samu wanda zan sauke ma ba!"

Asabar da hantsi Landiroba ta tsaya a ƙofar gidan da ƙarar birki. Direba ya leƙo.

"Malam Bube! Alhaji Na'iya ya ce ka zo yanzu-yanzu. Ko wanka kake a ɗauko ka da kumfa."

Alhaji Na'iya shi ne babban jami'in da ya rako baƙin daga Sakkwato, shi ne kuma shugaban Ɗanmaliki. Bube ya shafa aljihunsa, ya ji kwafin kabon na nan. Kafin ya hau, Sama'ilu ya riga shi zama a gaba.

An shirya tebur a barandar gidan baƙi, da farin ƙyalle da kwalaben lemo. Baƙi uku na zaune. Na tsakiya dattijo ne siriri mai baƙar hula, Pak Darmo, shugabansu. Takardun na gabansa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata jimla. Na damansa, mai tabarau, shi ne ke jin Turanci. Ɗanmaliki na tsaye, rigarsa ta jiƙe a baya.

"Kai ne Bube?" Alhaji Na'iya ya tambaya. "Sunanka ne a ƙasan wagga takarda. Baƙo ya karanta, ya yi dariya, sannan ya daina dariya. Ya ce ko dai wanda ya rubuta bai taɓa ganin shinkafa ba, ko kuma an ɗauke su wawaye. Ɗanmaliki ya ce kuskurenka ne, shi ya sa ya kore ka jiya. Mi ka rubuta?"

Bube ya ɗauki takardar. Bugun ba nasa ba ne, haruffa sun hau juna, an kwaikwayi sa hannunsa a ƙasa. Sakin layin babi na tara ya ɓace. Sha uku ta ɓace. Duk inda ya sa gabah an mai da shi beras, ɗaya bayan ɗaya, ba a bar ko guda ba. Ya kai kan jan layin, ya karanta, sai ya ji wani abu ya taso masa, rabi dariya rabi ashar.

"Alhaji, in fassara?"

"Fassara."

"An ce: ana ba gwamnatinku shawara ta sayi gumi buhu hamsin, don iri. A watsa gumin cikin laka farkon damina."

Sama'ilu ne ya fara. Ya riƙe ciki, ya durƙusa, ya buga ƙasa da tafi.

"Gumi! Za a shuka gumi! Wayyo Allah, jama'a ku zo ku ji ilimin boko! Ranka shi daɗe, in ya tsira a aiko min, ni ma in shuka tuwo bana!"

Direba ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Alhaji Na'iya bai yi dariya ba. Ɗan manomi ne, ya san shinkafar da aka raba da ƙaiƙayinta ba ta tsira har abada.

"Shi ya rubuta!" Ɗanmaliki ya ce da ƙarfi. "Ni ina jin harshensu? Makirci ne, don na kore shi!"

Bube ya zaro kwafin kabon, ya warware, ya shimfiɗa kusa da ɗayan.

"Ga abin da na buga ran Alhamis. Alhaji, ba sai ka ji harshen ba. Dubi nan: biyat. Dubi can: hamsin. Nan akwai 141, can babu. Wanga kalma kuma, duk inda take a nawa, an sauya ta a nashi. Wanda ya sauya bai san iri ma da ita aka kira shi ba."

Pak Darmo ya jawo kwafin kabon. Ya karanta shi tun daga sama, a hankali, yatsa na bin layi. Da ya kai sakin layin ambaliya ya ce wa mai tabarau ya buɗe babban rahoton a shafi na 141. Mai tabarau ya duba, ya gyaɗa kai. Dattijon ya ɗago ya yi wa Bube magana da harshensu, doguwar magana, da tambaya a ƙarshe.

Bube ya fahimci kowace kalma. Ya juya wajen Alhaji Na'iya.

"Yana tambaya a kan shekarun da ta nutse. Tambayoyi ne da yawa, kuma mai amsa su ga shi nan, baba Sama'ilu, da littafinshi. Sai dai ana buƙatar tafinta."

"To fassara mana!"

"A matsayin wa, Alhaji? Ni jiya aka karɓe min mabuɗi. Mutumin gari ne ni yanzu, na zo kallo."

"Malam Bube, wanga ba lokacin…"

"Shekara bakwai ana ce min ba lokacin ba ne." Muryarsa ta tashi, bai kuma yi ƙoƙarin sauke ta ba. "An sa sunana ƙarƙashin ƙarya. An ce ni ne jahilin da ke shuka gumi, gaban baƙi, da harshen uwar goyona. Takardata tana cikin aljihun tebur, tafiyar minti biyat daga nan. In ni ma'aikaci ne, a sa mata hannu in yi aiki. In ba shi ba, a mai da ni gida, matata na jirana da faɗa."

Baƙin na kallo. Ba su ji Hausa ba, amma ba wanda ke buƙatar tafinta don ya gane ana rikici. Alhaji Na'iya ya dubi agogonsa, ya dubi dattijon da ke jira da biro a hannu, ya dubi Ɗanmaliki kamar yadda ake duban abin da aka taka.

"Ba direba mabuɗin teburinka."

"Alhaji, ai maganar…"

"Mabuɗi."

Minti goma ana jira, Sama'ilu na ta maimaita "gumi" a ƙasan maƙoshi. Da takardar ta iso, Alhaji Na'iya ya ɗora ta a kan farin ƙyallen, tsakanin kwalaben lemo, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya tura wa Bube.

"Sauran magana ni da Ɗanmaliki ne, a Sakkwato. Yanzu yi aikinka."

Bube ya karanta takardar har ƙasa, don ya daina yarda da abin da bai karanta ba. Ya ninke ta ya sa a aljihun da kabon ya fito. Sannan ya juya ga Pak Darmo ya gaishe shi yadda Mak Siti ta koya masa a gaida manya. Dattijon ya ɗaga gira, ya ce rabon da ya ji wannan gaisuwa tun kakarsa na da rai.

Awa ɗayan ta zama uku. Sama'ilu ya buɗe littafinsa mai tabon ruwa, yana karanto tsayin ruwa rana bayan rana, Bube na mai da inci zuwa santimita yana juyawa. Dattijon ya ce kogunan wurin da za su zaunar da mutanensu sukan cika cikin kwana biyu. Sama'ilu ya ce to kada ya kuskura ya ba talaka wannan iri sai ya gwada da gonar gwamnati. A ƙarshe Pak Darmo ya rubuta a gefen kwafin kabon, ya nuna wa Bube: buhu biyar, gabah, gwaji shekara biyu. Ba a yi maganar mai rakiya ba. Takardar Ɗanmaliki kuwa ya bar ta a kan tebur, ƙarƙashin kwalba.

Da za su tashi, Pak Darmo ya sa yatsa a layin ƙarshe, ya karanta da irin lafazinsa: "Sama'ilu Pakku." Ya miƙa wa tsohon hannu.

A hanyar gida, da suka wuce kasuwa, Sama'ilu ya waiwayo wajen Bube.

"Pakku," ya ce. "Shekara biyat cikin ruwa, an yage ni, an mai da ni, kuma a ƙarshe an ɓata sunan garinmu."

"Ba su da harafin fa a bakinsu, baba."

"To su nemo. Kai kuma kak ka yi murna da yawa. Wancan Sakkwato za a kai shi a yi mai faɗa, bayan wata shida ka ji an ƙara mishi girma."

"Na sani."

Atu na bakin ƙofar tsakar gida da muciya a hannu. Bube ya miƙa mata takardar. Ta juya ta, ta ga hatimi, ta ga sa hannu, ta kai ta hanci kamar mai duba ko ta gaske ce.

"Wannan ita ce?"

"Ita ce."

"Shekara bakwai don wannan 'yar abar." Ta soke ta a bakin zane. "Haushina bai ƙare ba, ka sani. Ku wanke hannu, na dafa shinkafa."

"Wace iri?" Sama'ilu ya tambaya daga zaure. "In gumi ce kak ki dafa duka, ɗiyata. A rage na iri."